Kanti Babu Kaya: Yadda Dirofshifin Ke Aiki da Inda Yake Tuntuɓe

Dirofshifin wani tsarin ciniki ne da mai sayarwa ke tallata kayan da ba ya ajiye da su. Yana sanya hoto da farashi a shafinsa na intanet, mai saye ya gani ya biya, shi kuma ya ɗauki wani kaso na kuɗin ya sayi kayan a wurin dila, ya ba dilan adireshin mai sayen. Daga nan dila ne zai naɗe kaya ya aika kai tsaye. Mai sayarwa bai taɓa kayan da hannunsa ba, sau da yawa ma bai taɓa ganinsu ido da ido ba. Ribarsa ita ce ratar da ke tsakanin abin da ya karɓa da abin da ya biya.

Tsarin ya girmi intanet, domin kamfanonin da ke sayar da kaya ta hanyar gidan waya sun daɗe suna sa masana'anta ta aika wa mai saye kai tsaye. Amma ya bazu sosai bayan da kamfanin Alibaba na ƙasar Sin ya buɗe kasuwar AliExpress a shekarar 2010, inda ake iya sayen kaya guda ɗaya tal a aiko shi daga Sin, sannan kamfanoni irin su Shopify na Kanada suka sauƙaƙa buɗe kanti a intanet. A arewacin Nijeriya kuwa akwai nasa salon na gida: wata za ta karɓi hotunan atamfa da leshi daga dila a Kantin Kwari da ke Kano, ta ɗora a WhatsApp ko Instagram da ƙarin farashi, idan an yi oda dila ya kai kayan tasha a yi webil zuwa Kaduna ko Yola. Ko daga Guangzhou kayan suka taso ko daga Kwari, ginin cinikin iri ɗaya ne, kuma matsalolinsa daga tushe ɗaya suke fitowa.

Wa ke riƙe da kaya, wa ke ɗauke da alhaki

Mutum uku ne a cikin wannan ciniki: mai saye, mai sayarwa da dila. Kaya suna hannun dila, a sitonsa, kuma shi ya zuba jarinsa a kansu. Idan ba su shiga ba, asararsa ce. Wannan shi ne abin da ke jan hankalin masu ƙaramin jari, domin ba sa buƙatar kuɗin sari, ba hayar shago, ba fargabar kwantai. Ɗan kasuwar da ya sari jaka hamsin ya san cewa idan yayinsu ya wuce kuɗinsa sun maƙale. Mai dirofshifin kuwa goge hoto kawai zai yi ya sa wani.

Sai dai wanda ya sauke nauyin ajiye kaya ya saki wasu abubuwa uku tare da shi. Ba shi da iko a kan ko kayan suna nan, ba shi da iko a kan ranar da za su tashi, kuma ba shi da iko a kan abin da za a sa a cikin kwalin. Abin da bai sauka daga wuyansa ba shi ne alhaki. Mai saye bai san dila ba, bai yi ciniki da shi ba, asusun mai sayarwa ya tura wa kuɗi, don haka shi zai kira idan an sami matsala. A nan tsarin ya sha bamban da dillancin da aka sani a kasuwa. Dillali yana haɗa mai kaya da mai saye ne ya karɓi la'adarsa, kowa ya san kayan ba nasa ba ne. Mai dirofshifin kuwa yana tsayawa ne a matsayin mai kaya, da sunansa da farashinsa.

Dokokin ƙasashe ma haka suke kallon lamarin. A Nijeriya, dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta bai wa mai saye damar mayar da kayan da bai sami dubawa ba kafin a kawo masa, idan suka saɓa wa siffar da aka faɗa. A Tarayyar Turai mai saye ta intanet yana da kwana 14 da zai iya fasa yawancin ciniki ko da kayan ba su da aibi. A Amurka doka ta wajabta wa mai sayarwa ya tura kaya a cikin wa'adin da ya ambata, ko cikin kwana 30 idan bai ambata ba. Duk waɗannan dokoki mai sayarwa suke tuhuma, ba ruwansu da inda ya samo kayan.

Akwai kuma tambayar da Musulmi kan yi, saboda hanin da ya zo a kan mutum ya sayar da abin da ba ya hannunsa. Malaman fikihu da suka duba wannan ciniki sukan yi nuni da hanyoyi biyu da aka sani tun da: ko mutum ya zama wakilin dila a fili yana karɓar ladan aikinsa, ko a ƙulla cinikin salam, inda ake biyan kuɗi gaba ɗaya tun farko a kan kayan da aka fayyace siffarsu da lokacin kawo su. Hanyoyin biyu sun haɗu a kan abu ɗaya, wato kada a bar mai saye cikin duhu game da abin da ya saya da ranar da zai same shi.

Matsala ta farko da riƙon kaya a hannun wani ke haifarwa ita ce ƙarewarsu ba da sanin mai sayarwa ba. Dila ɗaya yana iya samun masu tallata masa kaya ɗari. Leshin da aka ɗauki hotonsa ranar Litinin yana iya ƙarewa ranar Laraba, alhali hoton yana nan yana yawo. Mai saye ya biya, sai a dawo masa da cewa wannan kalar ta ƙare amma akwai mai kama da ita. Wani dilan ma ba zai faɗa ba, zai sa mai kama da itan ne ya aika. A kasuwannin Sin abin ya ƙara nisa, domin da yawa daga masu shaguna a AliExpress su ma ba su ne masu kayan ba. Sai an yi musu oda suke zuwa su saya a shafin sari na cikin gida mai suna 1688, ko a babbar kasuwar ƙananan kaya ta birnin Yiwu da ke lardin Zhejiang. Ke nan kayan da ake tsammani suna hannu na biyu, a gaskiya suna hannu na uku ko na huɗu.

Inda kwanaki ke tafiya

Mai saye yana ƙirga kwanaki daga lokacin da ya tura kuɗi. Dila kuwa yana ƙirgawa daga lokacin da kaya suka bar hannunsa. Tsakanin waɗannan biyu akwai zango na farko da ake yawan mantawa da shi, wato lokacin shirya oda: a nemo kayan, a naɗe, a buga takardar adireshi, a miƙa wa kamfanin jigila. Wannan kaɗai yana iya cin kwana biyu zuwa mako guda.

Bayan haka ƙunshin da ya taso daga Sin yana bi ta matakai da dama. Za a kai shi wurin da ake tara kaya, ya jira har a sami gurbi a jirgi. Jigila mai araha ba ta da tabbataccen jirgi, sai inda aka sami sarari, kuma sau da yawa ana ya da zango a wata ƙasa kafin a iso. Idan ya sauka Legas zai bi layin jami'an kwastan, sannan a miƙa shi ga gidan waya ko wani kamfanin cikin gida, ya kama hanyar arewa. Mataki na ƙarshe shi ne nemo mai saye, kuma a unguwannin da gidaje ba su da lamba wannan ya dogara ne kacokan a kan lambar waya. Idan an yi kuskuren lamba ɗaya, ƙunshi zai yi ta zama a ofis. Jimillar waɗannan matakai ta hanya mai araha takan kai mako uku zuwa shida, wani lokaci fiye. Manyan kamfanonin jigilar gaggawa suna kawowa cikin kusan mako guda, amma kuɗinsu kan zarce kuɗin kayan kansu.

Akwai lokutan da jinkiri ya zama tabbas. Bikin sabuwar shekarar Sinawa yana faɗowa ne tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, ma'aikata suna komawa garuruwansu, masana'antu da yawa suna rufewa na makonni. Akwai hutun ƙasa na mako guda da ke farawa ranar 1 ga Oktoba. Sai kuma cinikin rangwame na ranar 11 ga Nuwamba, wanda ke cika hanyoyin jigila maƙil. Mai sayarwar da ya karɓi odar kayan biki ko na sallah a irin waɗannan ranaku bai duba kalandar dilansa ba ya ɗauki alkawarin da ba zai iya cikawa ba. A cinikin gida ma haka yake: goman ƙarshe na azumi Kwari takan cika, tashoshi su cushe, kayan da ke isa cikin kwana ɗaya su koma kwana huɗu.

Irin kaya ma yana shafar lokaci. Duk abin da ke ɗauke da batir mai litiyam, kamar na'urar cajin waya ta tafi-da-gidanka, da turare da sauran abubuwa masu ruwa, suna da ƙa'idoji na musamman a jirgin sama, don haka sukan bi wata hanya dabam mai tsada ko mai jinkiri. Girman kwali kuma yana da nasa lissafi. Kamfanonin jigilar sama suna auna nauyi a sikeli, su kuma auna girma, su caji wanda ya fi yawa. Wani lissafi da aka saba da shi shi ne a ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita a raba da 5,000. Kwali mai santimita 40 da 30 da 20 zai ba da 24,000, a raba da 5,000 ya zama kilo 4.8. Jakar da nauyinta bai wuce kilo ɗaya ba, idan aka sa ta a wannan kwali, kuɗin kusan kilo biyar za a biya. Wannan ne ya sa dila ke cusa jaka a leda ya danne ta, ita kuma ta iso a lanƙwashe.

Lambar bin sawun kaya tana taimakawa, amma sai an iya karanta ta. Ta gidan waya takan zo da haruffa biyu, lambobi tara, sannan haruffa biyu na ƙasar da kayan suka fito, CN idan daga Sin ne. Samun lamba ba ya nufin kaya sun tashi. Idan shafin bin sawu irin su 17TRACK ya nuna saƙo kamar "Shipment information received" ya tsaya a nan har mako guda, ma'anarsa an buga takarda ce kawai, kamfanin jigila bai karɓi komai ba tukuna. Dilan da kayansa suka ƙare yakan yi haka don ya sayi lokaci.

Arahar jigilar da aka gina wannan ciniki a kanta ma tana raguwa. Shekaru da dama tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ya sa aika ƙaramin ƙunshi daga Sin zuwa ƙasashe masu arziki ya yi sauƙi ƙwarai, har sai da aka sauya tsarin a wani taro a Geneva a 2019. Ranar 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin da take yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba. A 2025 Amurka ta soke nata rangwamen na kayan da ba su wuce dala 800 ba, ta fara da na Sin a watan Mayu. A Nijeriya kuwa canjin kuɗi ne babban abin lura: bayan da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin hukuma zuwa sama da 1,000 cikin 'yan watanni, kuma farashin da aka rubuta a ƙarƙashin hoto makon jiya ya daina biyan kuɗin kayan.

Hoto da abin da ke cikin leda

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. A dirofshifin sau biyu ake yin sa, mai saye bai ga kaya ba, wanda ya sayar masa ma bai gani ba. Dukansu hoto suka dogara da shi, kuma hoton sau da yawa ba dilan ne ya ɗauka ba. Kaya iri ɗaya masana'antu da dama ne ke yin su, kowace da matakin ingancinta, amma duk hoto ɗaya suke amfani da shi, na wanda ya fi kyau. Shi ya sa ake ganin jaka ɗaya a shaguna goma da farashi goma. Mafi arahar tana iya zuwa da siririyar leda a maimakon fata mai kauri, da zif da ke tsinkewa a mako na biyu.

Aibin da aka fi kuka da su sanannu ne. Kala takan bambanta saboda hasken da aka ɗauki hoto da shi da kuma fuskar waya. Awon tufafi na Asiya ya fi na Turai da Amurka ƙanƙanta, don haka rigar da aka rubuta wa XL tana iya matse wanda ya saba sa L, sai an bi awon santimita ake tsira. Kayan lantarki na iya zuwa da kan soket ɗin da bai dace da na Nijeriya mai ƙafa uku ba, ko a rubuta ƙarfin batir da ya ninka na gaskiya. A yadi kuwa ana iya tallata mai daraja a aiko da kwaikwayonsa mai zane iri ɗaya, wanda sai an taɓa ko an wanke ake ganewa. Mafi haɗari su ne man shafawa, magunguna da abubuwan da ake ci, waɗanda a Nijeriya sai da rajistar NAFDAC ake sayar da su, da kuma jabun kaya masu tambarin manyan kamfanoni, waɗanda kwastan ke iya kamawa.

Akwai kuma wani sauyi da ke zuwa a hankali. Dila ya fara da kaya masu kyau, oda ta yi yawa, sai ya koma wata masana'anta mai sauƙi ba tare da ya faɗa ba. Mai sayarwa ba zai sani ba sai ƙorafi ya fara shigowa, kuma saboda kaya suna ɗaukar makonni a hanya, kafin ƙorafi na farko ya iso an riga an tura oda ashirin ko talatin daga cikin sabon rukunin. A nan ne jinkiri da rashin inganci suke haɗa kai: nisan hanya yana ɓoye aibi har sai ya yaɗu.

Lissafin jaka goma

A ɗauka wata mai sayarwa a Kano tana tallata jakar hannu ta mata daga wani dila a Guangzhou, a kan naira 25,000. Alƙaluman na misali ne, amma rabonsu ya yi kama da na irin wannan ciniki. Jakar a wurin dila 13,000 ce, jigila 4,500, kuɗin tallan da ake kashewa kafin a sami mai saye ɗaya 3,000, cajin banki da data 500. Jimilla 21,000, riba 4,000. Idan ta sayar da goma lafiya lau, ta sami 40,000 ba ta ajiye ko jaka ɗaya ba.

To, a ce ɗaya daga cikin masu sayen, wata amarya a Kaduna, an yi mata alkawarin mako biyu, jaka ta iso bayan mako biyar, biki ya wuce, ga kuma hannun jakar ya ɓare. Ta ce a mayar mata da kuɗinta. Mayar da jakar Sin ba zai yiwu ba, domin kuɗin aikawa daga Nijeriya ya fi kuɗin jakar. Mai sayarwa za ta mayar da 25,000, alhali 21,000 da ta kashe sun tafi. Ribar jaka tara 36,000 ce, a cire 21,000, saura 15,000. Idan masu ƙorafin biyu ne, ribar takwas 32,000, asara 42,000, ta faɗi da 10,000. Oda ɗaya da ta lalace tana cinye ribar oda biyar da ɗoriya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: dila ya riga ya karɓi nasa tun ranar farko.

Tana iya shigar da ƙara a kasuwar da ta yi sayayya, domin AliExpress da makamantanta suna riƙe kuɗi na wani wa'adi su saurari ƙorafi. Amma sai da hujja, kuma hujjar tana hannun mai saye. Abin da ya fi ƙarfi shi ne bidiyon buɗe ƙunshi tun daga takardar adireshi ba tare da yankewa ba, wanda amaryar da ke cikin fushi ba lallai ta ɗauka ba. Idan wa'adin ya ƙare kafin a shigar da ƙara, magana ta mutu. A cinikin gida da aka yi da baki ta waya babu ma wannan kariyar, sai dai mutunci da tsoron rasa abokin ciniki.

Tsarin biya-idan-an-kawo, wanda masu saye da yawa a Nijeriya suka fi amincewa da shi, yana ƙara tsananta lissafin. Mai sayarwa ce za ta fara biyan dila daga aljihunta, kuma idan mai saye ya fasa ko ya kashe waya, jaka ta dawo hannunta. Wadda ta shiga cinikin don gudun ajiye kaya sai ta wayi gari da kaya a ɗaki.

Yadda ake rage ɓarna

Masu daɗewa a harkar suna da 'yan matakai da suke bi. Na farko shi ne sayen samfur. Kafin a ɗora hoto, mai sayarwa ya yi odar guda ɗaya zuwa gidansa ta hanyar jigilar da zai riƙa amfani da ita, ya ƙirga kwanakin, ya taɓa kayan, ya ɗauki nasa hoton da bidiyo a hasken rana. Gani ya kori ji. Sannan ya maimaita wannan gwaji lokaci-lokaci, saboda sauyin da dila kan yi a ɓoye. Wajen duba shagon dila, hotunan da masu saye suka ɗora da ƙorafin masu ba da tauraro ɗaya ko biyu sun fi yabo faɗar gaskiya.

Na biyu shi ne tabbatar da kaya kafin karɓar kuɗi, da kuma faɗar wa'adi na gaskiya. Idan gwaji ya nuna kwana 25, a ce wa mai saye mako huɗu zuwa biyar, a kuma gaya masa daga ƙasar waje kayan za su taso. Wasu za su fasa, amma wanda ya fasa tun farko bai jawo asarar ko sisi ba. Na uku shi ne ware wani kaso daga kowace riba don mayar da kuɗi, da rubuta sharuɗɗan mayarwa a fili kafin ciniki.

Masu oda da yawa sukan ɗauki wakili a Guangzhou ko Yiwu, wanda zai karɓi kaya a sitonsa, ya buɗe, ya turo hoto, sannan ya haɗa su ƙunshi ɗaya ya aiko. Wannan yana ƙara kuɗi da 'yan kwanaki, amma yana tare aibi kafin ya hau jirgi. A cikin gida kuwa, mai sayarwar da ke gari ɗaya da dilanta tana iya zuwa ko ta aika yaro ya duba kaya kafin a kai tasha, ta karɓi lambar direba ta tura wa mai saye.

Zaɓin kaya ma yana da ƙa'ida. Waɗanda suka fi dacewa da tsarin su ne ƙanana, marasa nauyi, waɗanda ba sa fashewa, ba su da awo, kuma ba a buƙatarsu don wata rana ta musamman. Takalma, tufafin da aka ɗinka, gilasai da kayan biki su ne suka fi jawo rigima.

Daga ƙarshe yawancin waɗanda cinikinsu ya kafu sukan koma tsaka-tsaki. Suna amfani da dirofshifin don gwada abin da kasuwa ke so, idan wani kaya ya nuna yana shiga sai su sari kaɗan su ajiye a kusa, su riƙa aikawa cikin kwana ɗaya ko biyu bayan sun duba kowane guda da idonsu. Hakan ya dawo musu da buƙatar jari da haɗarin kwantai, amma ya dawo musu da iko a kan lokaci da inganci, waɗanda ba sa rabuwa da wanda kaya ke hannunsa.